Gyangyaɗi a Kan Sitiyari: Yadda Ake Gane Shi da Abin da Ke Wartsake Direba

Tambaya: "Ina tashi ƙarfe 5 na asuba, in wuni wurin aiki, sannan duk ƙarshen mako in kama hanya ƙarfe 9 na dare, tafiyar wajen awa 7. Makon jiya sai kawai na ji taya tana cin gefen titi, alhali zan iya rantsewa idona biyu. Ina sauke gilashi, ina ƙure rediyo, ina wanke fuska da ruwan sanyi. Me ya same ni, kuma me zan yi wanda zai wartsake ni da gaske?"

Malam, barci ne ya fizge ka. Irin wannan fizgar ba ta daɗewa, daga abin da bai kai sakan 1 ba zuwa sakan 10 ko 15, amma a cikin wannan ɗan lokacin ƙwaƙwalwa ta daina karɓar abin da ido yake kawo mata. Wani lokacin fatar ido tana rufewa a hankali, wani lokacin kai ya ɗan sunkuya ya ɗago, wani lokacin kuma idon yana buɗe tar, ya kafe a kan titi, amma babu mai gani a bayansa. Hannu yana kan sitiyari, ƙafa tana kan totur, motar tana ci gaba da gudunta ba mai sarrafa ta.

Yi lissafin da kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan barcin ya ɗauke ka na sakan 4 kacal, ka shafe mita 111, wato fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa. Ba a buƙatar sitiyari ya juya da yawa kafin mota ta bar hannunta a irin wannan tazarar. 'Yar karkata kaɗan, ko ɗan gangaren da ake yi wa kwalta don ruwan sama ya zurare, ya isa ya kai ta gefe. Shi ya sa masu binciken haɗari suke gane hatsarin barci da wata alama mai tayar da hankali: babu zanen birki a kan kwalta. Wanda ya ga haɗari yana taka birki ko ya kauce, ko da a makare. Mai barci kuwa da cikakken gudunsa yake shiga bayan tirela ko gindin bishiya, kuma wannan ne ya sa irin wannan hatsarin ya fi yawan kisa.

Rantsuwarka cewa idonka biyu ba ƙarya ba ce a wurinka. Mutum ba ya tuna ɗan gajeren barci. A ɗakunan gwajin barci, idan aka tashi mutum bayan na'ura ta nuna ƙarara ya yi barcin minti ɗaya, sau da yawa cewa yake yi sam bai runtsa ba. Sai barcin ya kai minti biyu ko fiye sannan yawanci suke yarda. To ina ga na sakan 4? Don haka kada ka jira ranar da za ka ji kanka kana shiga barci. Abin da mutum yake iya ji shi ne abin da ke zuwa kafin fizgar, wato kokawar da yake yi da idonsa, kuma wannan kokawar takan ɗauki mintuna masu yawa. A nan ne damar tsira take.

Kafin mu je ga alamomin, ya kamata ka san dalilin da ya sa abin ya same ka a wannan tafiyar musamman. Abubuwa biyu ne suke janyo barci, kuma ka haɗa su wuri guda.

Na farko bashin barci ne. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma gwargwadon taruwarsa gwargwadon nauyin da kake ji a ido. Barci ne kaɗai yake kwashe shi. A shekarar 1997 wasu masu bincike a Ostireliya, Dawson da Reid, sun gwada ƙwazon mutane a aikin da ke buƙatar haɗin ido da hannu, suka samu cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba yana daidai da wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. Idan ya kai awa 24, ya yi daidai da mai kashi 0.10, ninki biyu ke nan. Kai da ka tashi ƙarfe 5, ka cika awa 17 da ƙarfe 10 na dare, awa ɗaya kacal da fara tafiyarka. Ƙarfe 2 na dare kana awa 21. Lokacin da za ka isa, wajen ƙarfe 4 na asuba, kana awa 23.

Na biyu agogon jiki ne, wanda babu ruwansa da ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Yana da lokutan da yake rage wa mutum kuzari: babban daga tsakar dare zuwa ƙarfe 6 na safe, mafi tsanani tsakanin ƙarfe 2 da 5, sai ƙarami da rana tsakanin ƙarfe 2 da 4. Akwai kuma wata yaudara a cikinsa da ta shafe ka kai tsaye. Da farkon dare, awa biyu ko uku kafin lokacin kwanciyarka na yau da kullum, agogon nan yana ɗaga mutum, ya ji garau kamar zai iya tuƙi har gari ya waye. A daidai wannan lokacin kake kunna mota kana auna kanka. Bayan tsakar dare sai agogon ya saki, bashin da ya ɓoye maka ya faɗo gaba ɗaya.

Ƙara da abin da ya taru a cikin mako. Wani gwaji da aka wallafa a 2003 daga Jami'ar Pennsylvania ya taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 a kowane dare har kwana 14. Ƙwazonsu ya yi ta raguwa kullum har ya kai na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, amma da aka riƙa tambayarsu yadda suke ji, bayan 'yan kwanakin farko sai suka ce barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Jikinsu ya saba da jin gajiyar, ƙwaƙwalwar kuwa ba ta saba da yin aiki a cikinta ba. Direban da yake cewa "ni na saba" yawanci wannan ne halin da yake ciki.

Alamomin suna zuwa daki-daki. Na farko su ne hamma a kai a kai, ido yana yaji ko yana bushewa, kana murza shi, kana ta gyara zama, kana miƙa wuya. Daga nan sai abin ya shiga tuƙin kansa. Za ka ga allurar gudu tana hawa tana sauka ba da niyyarka ba, daga 100 ta koma 80 ta sake hawa 110. Gyaran sitiyari yana canzawa: mai wartsake yana yin ƙananan gyare-gyare a kai a kai har ba ya lura, mai jin barci kuwa yana barin motar ta zame sannan ya fizgo ta da ƙarfi. Kana matse motar gabanka, idonka ya maƙale a jar fitilarta, kana bin ta kamar an ɗaure ku. Ka daina duba madubi. Mota ta taho ka manta ba ka rage mata hasken fitila ba. Sai matakin ƙarshe: ƙifta ido yana yin jinkiri, fatar ido ta sauka ta ɗan daɗe kafin ta ɗago, fitilu suna rabuwa biyu, tunani yana tsinkewa yana shiga wani abu mai kama da mafarki, ka wuce mahaɗar da ka sani sarai, ka tambayi kanka abin da ka gani a kilomita 3 da suka wuce ka rasa amsa. Wasu har sukan ga kamar mutum ko dabba a kan titi su taka birki, alhali babu komai.

Idan kai ya sunkuya sau ɗaya, ko taya ta taɓa gefen titi sau ɗaya, wannan ya wuce gargaɗi. Barcin ya riga ya faru, kuma fizgar ba ta zuwa ita kaɗai. Da zarar ta fara, sai ta riƙa dawowa kusa da kusa, tana ƙara tsawo. Faɗuwar gaban da kake ji bayan ka fizgo motar tana wartsake ka na 'yan mintuna, kuma wannan ne yake sa mutane su ce "ai yanzu na farka" su ci gaba. Akwai ma alamar da ta fi duk waɗannan sauƙin kamawa: ranar da ka ga hannunka ya tafi sauke gilashi ko ƙure rediyo don ka kori barci, to wannan motsin da kansa shi ne shaidar lokacin tsayawa ya yi. Wanda ba ya jin barci ba ya neman dabarar korar sa.

An gwada waɗannan dabarun. Horne da Reyner na Jami'ar Loughborough a Ingila sun shafe shekaru suna sa direbobin da aka rage wa barci suna tuƙa motar gwaji ta cikin ɗaki, suna ƙirga sau nawa taya ta tsallake layi, suna kuma auna aikin ƙwaƙwalwa. A 1998 sun wallafa sakamakon iska mai sanyi a fuska da rediyo: amfaninsu kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa. Rediyo ma yana da wata illa, domin yana sa mutum ya rage jin barcin alhali tuƙinsa bai gyaru daidai da haka ba. Wanke fuska, marin kai, taunar cingam, fita a zaga mota, duk hanyarsu ɗaya. Suna zaburar da jiki na ɗan lokaci, amma adinosin ɗin yana nan yadda yake. Iyakar amfaninsu su kai ka wurin tsayawa mafi kusa. Abin sha mai zaƙi sosai wanda ba shi da isasshen kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, ya fi su muni, domin bayan kamar awa ɗaya barcin yakan dawo da nauyin da ya fi na da. Ciki ya cika dam shi ma yana ƙara nauyin ido, haka ɗumin cikin mota.

Abu biyu ne gwaji ya tabbatar suna aiki a bakin hanya: kafeyin da ɗan gajeren barci. Haɗa su kuma ya fi kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba. A gwajin Horne da Reyner na 1997, inda direbobi suka yi tuƙin awa 2 da rana, kafeyin shi kaɗai ya rage tsallake layi zuwa kashi 34 cikin 100 na waɗanda ba su sha kafeyin ba, haɗin kafeyin da barci kuwa ya rage shi zuwa kashi 9. Dalilin a fili yake. Kafeyin ba ya kwashe adinosin, zama yake yi a guraben da adinosin yake kamawa a ƙwaƙwalwa ya tare masa hanya, kuma yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki sosai. Barci kuwa yana rage nauyin kansa. Idan ka sha ka kwanta nan take, ka yi amfani da lokacin jiran, sannan kafeyin ya iso daidai lokacin farkawarka ya taimaka maka ka fita daga magagi.

Ga yadda ake yi, kuma duka bai wuce rabin awa zuwa minti 40 ba. Ka nemi wurin da ya fita daga titi gaba ɗaya, mai haske da mutane. Kada ka tsaya a kafaɗar babbar hanya, domin wani direban mai gyangyaɗi kamarka yana iya bin fitilarka ya afka maka. Ka ja birkin hannu, ka kashe injin, ka kulle ƙofofi, ka bar 'yar kafa a gilashi. Kashe injin ba ƙaramin abu ba ne: idan salansa tana yoyo, iskar guba marar wari tana iya shiga cikin mota ta kashe mai barci bai farka ba. Sannan ka sha kafeyin miligiram 150 zuwa 200. Kofin kofi ɗaya yakan ɗauki 60 zuwa 100, ya danganta da ƙarfinsa, don haka kofi biyu ake nufi. Shayi wajen rabin na kofi yake ɗauka, 40 zuwa 50 a kofi ɗaya. Ƙaramin gwangwanin abin shan ƙarin kuzari mai mililita 250 yawanci 80 ne, kuma a rubuce yake a jikinsa. Ka shanye da sauri, ka saita ƙararrawar waya minti 20, ka ajiye ta inda sai ka miƙa hannu kafin ka kashe, ka kwantar da kujera, ka rufe ido. Minti 5 na shiga barcin ne, 15 na barcin. Idan barcin bai ɗauke ka sosai ba, ka dai yi lamo kana gyangyaɗi, kada ka ce ka ɓata lokaci. Gwajin ya nuna wannan ma yana amfani. Da ƙararrawa ta buga ka fito, ka taka ƙafa minti 5 zuwa 10, a nan ne wanke fuska yake da wurinsa, sannan ka shiga mota.

Inda mutane suke kuskure shi ne tsawon barcin. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 ƙwaƙwalwa tana nutsewa cikin barci mai zurfi, kuma wanda aka tayar daga nan yana fitowa da magagi: kai ya yi nauyi, hannu ya yi sanyi, tunani ya yi jinkiri, har tsawon minti 15 zuwa 30. A cikin magagin nan tuƙinsa yana iya fin na kafin ya kwanta muni. Wanda bashinsa ya yi yawa yana nutsewa da wuri fiye da haka, shi ya sa ko bayan minti 20 ɗin ba a son ka tayar da mota nan take. Idan ka ga ka kashe ƙararrawa ka koma ba ka sani ba, jikinka ya ba ka amsa, tafiyar wannan daren ta ƙare.

Kuma ka san iyakar wannan dabara, don a nan ne ake yaudarar kai. Awa ɗaya zuwa biyu take saya maka, ga wanda ya ɗan samu barci a daren jiya. A wani gwajin na shekarar 2000, an ba direbobi kafeyin miligiram 200 da sassafe. Waɗanda suka yi barcin awa 5 ya riƙe su har awa 2. Waɗanda suka kwana ba su runtsa ba, minti 30 kawai ya yi musu aiki, sannan tuƙinsu ya lalace. Kai a ƙarfe 3 na dare ka fi kusa da rukuni na biyu. Sake maimaitawa a dare guda ba ya ba da abin da na farko ya bayar. Wanda ya saba shan kofi da yawa kullum shi ma ba zai ji tasirin kamar wanda ba ya sha ba. Babban mutum mai lafiya ba a son ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu 200, kuma mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ya tambayi likitansa tukuna. Rabin abin da ka sha yana nan a jininka bayan kamar awa 5, saboda haka kofin ƙarfe 2 na dare zai ɓata maka barcin da za ka yi idan ka isa, ka dawo da sabon bashi ranar komawa. Ƙwayoyin hana barci da ake sayarwa a ɓoye kuwa sun fi haɗari: suna sa mutum ya ji ƙarfin da ba shi da shi, ya ƙara gudu, sannan su sake shi farat ɗaya.

Mu koma tafiyarka. Shawarata ita ce ka canza lokacin tashi, domin babu dabarar bakin hanya da za ta gyara tuƙi a awa ta 21 da farkawa. Ka kwanta ƙarfe 10 na dare a gida, ka yi awa 7, ka kama hanya ƙarfe 6 na safe. Ka tsaya minti 15 bayan kowace awa 2, wato tsayawa uku. Za ka isa wajen ƙarfe 2 saura kwata na rana, kafin kasalar rana ta kankama. A tsohon tsarinka kana isa ƙarfe 4 na asuba ka kwanta har hantsi ko azahar, ka tashi jiki a mace. Idan ka auna, abin da ka yi asara 'yan awoyi ne. Wata ƙididdiga da gidauniyar AAA ta Amurka, mai bincike kan kiyaye haɗurran hanya, ta fitar a 2016 ta nuna cewa, idan aka kwatanta da wanda ya yi barcin awa 7 ko fiye, wanda ya yi awa 4 zuwa 5 a cikin awa 24 da suka wuce haɗarinsa ya ninka fiye da sau 4, wanda bai kai awa 4 ba kuma fiye da sau 11.

Idan dole sai ka tashi a daren, to ka raba tafiyar biyu. Ka yi barcin minti 90 bayan tashi daga aiki, ka ba kanka rabin awa magagi ya sake ka, ka yi tuƙi zuwa ƙarfe 12 na dare, ka kwana a hanya a wurin da ka riga ka zaɓa tun kafin ka fito, ka ƙarasa da safe. Zaɓen wurin tun daga gida yana da muhimmanci, saboda ƙwaƙwalwar da ta gaji ba ta iya yanke shawarar tsayawa. Kullum cewa take yi saura kaɗan. Idan kuna da direba biyu, amfanin yana samuwa ne idan na biyun ya yi barci tun kafin tafiya ko a kujerar baya. Biyun da suka tashi asuba tare suka wuni aiki tare, gajiyarsu ɗaya. Fasinjan da ke gaba kuma ka ba shi izini tun farko: idan ya ga ƙifta idonka ya yi jinkiri, ko ya yi maka magana ka amsa a makare, ya ce a tsaya, kuma ka tsaya ba gardama. Yana ganin abin da kai ba za ka iya gani ba.

Abu na ƙarshe da za ka bincika shi ne ko barci yana kama ka ko da ka yi awa 7 ko 8. Ka duba magungunan da kake sha. Maganin mura da ƙaiƙayi irin su firiton, maganin tari mai kodin, tiramadol, diyazafam da wasu magungunan farfaɗiya da na damuwa duk suna sa barci, wasunsu har washegari. Giya ko kaɗan ce tana ninka tasirin rashin barci. Sannan ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya: kana minshari mai ƙarfi? Numfashinka yana ɗaukewa na 'yan sakanni sannan ka ja shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe? Idan amsar e ce, kuma kana tashi da ciwon kai ko bushewar baki, kana gyangyaɗi a zaune da rana, musamman idan kana da ƙiba, kaurin wuya ko hawan jini, to wataƙila maƙogwaronka yana toshewa a cikin barci. Mai wannan lalurar yana iya farkawa sau da dama a kowace awa bai sani ba, ya wayi gari kamar bai kwanta ba. Likita yana gano ta da gwajin barci na dare ɗaya, kuma akwai na'urar da ake sawa a hanci tana hura iska a hankali don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Kafin a yi maka wannan gwajin, ka bar wa wani tuƙin doguwar tafiya.